Shekara shida ina ɗaga ƙarfe, jiki ya tsaya cak: hodar lusin zan saya?

Salam Oga koci. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekarata 31, nauyina kilo 80, shekara shida kenan ina ɗaga ƙarfe, sau huɗu a sati bayan magariba. Wajen shekara ɗaya da rabi yanzu jikina ya ƙi ƙaruwa. Da safe koko da ƙosai kamar biyar nake sha, da rana shinkafa da wake da ɗan yankan nama ɗaya a kasuwa, da dare kuma in na fito daga jim sai in sha cokali ɗaya na hodar furotin, in ci indomi da ƙwai huɗu gun mai shayi, in haɗa da tsire mai ɗan yawa. Wani abokina ya ce wai jiki ba ya ɗaukar sama da giram 30 a zama ɗaya, duk asara nake, wai in sayi hodar lusin in dinga sha tsakanin abinci. Gaskiya ne? Kuɗin ba kaɗan ba ne wallahi.

Wa alaikumus salam ƙanina. Mayar da kuɗinka aljihu tukuna, kar ka sayi komai. Abokin nan naka ya ji ƙamshin gaskiya amma bai ga tukunyar ba, akwai matsala a yadda kake cin abinci, wannan haka ne, amma ba wadda ya faɗa maka ba ce, kuma maganinta na nan a teburin mai shayin da kake zuwa kullum, lokacin zuwan kawai za ka canza.

Bari mu fara da lissafin abin da ke shiga cikinka, don da yawa daga cikinmu da kintace muke tafiya. Kokon safe kusan ruwa ne da gari, furotin ɗin da ke ciki bai taka kara ya karya ba, ƙosai biyar na ƴan madaidaita kuma in an haɗa da kokon duka duka giram 12 ne ko kusa da haka. Farantin rana, shinkafar za ta ba ka wajen 7, waken wajen 8, shi kuwa yankan naman nan da mai abinci ke ɗora maka a sama kamar ado, wanda in ka rufe shi da babban yatsa ya ɓace, bai fi 6 ko 7 ba. A ce 22. Sai dare: cokalin hoda wajen 24, ƙwai huɗu 24 tunda kowane ƙwai giram 6 ne, indomin kanta wajen 8, tsiren in ya kai giram 150 na gasasshen nama zalla zai ba ka kamar 40. Ka ga dare shi kaɗai ya doshi 96. Jimilla wajen 130 a yini.

To 130 ɗin nan ba laifi. Abin da bincike ya fi tsayawa a kai ga mai neman tsoka shi ne giram 1.6 a kowane kilo na nauyin jiki a yini, ana iya kaiwa har 2.2 ga wanda yake so ya toshe duk wata ƙofa. Kai mai kilo 80, wato daga 128 zuwa 176. Kana bakin layi daidai, ba ka faɗi ba, amma kuma ba ka da rara, ranar da mai tsire bai fito ba ko aljihu ya yi sanyi shikenan ka koma ƙasa da ɗari ba tare da ka sani ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne rabon: 12, 22, 96. Kusan kashi uku cikin huɗu na furotin ɗinka a cikin awa biyu na dare yake shiga, daga asuba har magariba kuwa jikin da ka wahalar jiya da daddare yana zaune yana jiran kayan aiki.

Yanzu maganar lusin. Furotin ba abu ɗaya ba ne, haɗin ƙananan tubala ne guda ashirin da ake kira amino asid, tara daga ciki jiki ba ya iya haɗa su da kansa dole sai an ci, lusin na cikin taran nan. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne bayan kasancewarsa tubali, shi ne kuma yake taɓa makunnin da ke cikin ƙwayar tsoka ya ce mata a fara gini. In ya hau sosai a jini bayan cin abinci aikin ginin tsoka ya tashi, in kaɗan ya shigo aikin ya ɗan motsa kawai. Adadin da aka fi ambata ga matashi shi ne giram 2 zuwa 3 na lusin a zama ɗaya, a ce biyu da rabi. Wannan shi ne mizanin da abokinka ya ji ana faɗa. Kuma kar ka ɗauka katanga ce da in ka samu 2.4 ka faɗi in ka samu 2.5 ka ci, a'a, gangare ne, yana hawa a hankali har ya kai inda ƙari ba ya ƙara wani abu mai yawa.

Ga abin da masu sayar da hoda ba sa so ka zauna ka lissafa. Yawancin abincin da muke kira mai furotin, lusin ɗin cikinsa wajen kashi 8 cikin ɗari ne na furotin ɗin. Nama, kaza, kifi, ƙwai, duk nan suke zagayawa, madara ta ɗan ɗara, hodar da ake cirewa daga ruwan madara irin wadda kake sha ita ce ta kai kashi 10 zuwa 11. Shawarar da aka fi bayarwa ta zama ɗaya kuma ita ce giram 0.4 na furotin a kowane kilo, sau huɗu a yini. Ɗauki 0.4 ka ninka da 80, ka samu 32. Ɗauki kashi 8 cikin ɗari na 32, ka samu biyu da rabi da ɗan ɗoriya. Ka gani? In dai ka ci giram talatin da ƴan kai na furotin mai kyau a zama ɗaya, lusin ɗin ya cika da kansa, ba sai ka auna shi daban ba. Karin kumallonka na yanzu lusin ɗinsa bai wuce giram ɗaya ba, na rana bai kai biyu ba, na dare kuma ya haura takwas, alhali makunnin nan ba ya ƙara kunnuwa don ka danna shi da ƙarfi sau uku.

Shi ya sa ma hodar lusin zalla ba za ta fisshe ka ba. Ka taɓa ganin an tara leburori a fili, birkila ya zo, an kunna injin kwaɓa siminti, amma motar bulo ba ta iso ba? Haka abin yake. Lusin zai ba da umarnin a fara, amma ginin na buƙatar duka taran nan, in babu su a jini sai jiki ya ɗebo daga abin da yake rushewa a cikin tsokar da kake so ta ƙaru. Haka ma hodar nan ta amino uku da ake cika shaguna da ita mai ɗanɗanon lemo, ga wanda furotin ɗinsa na yini ya riga ya isa, ruwa mai kala kawai yake sha da tsada. Ni ma na taɓa faɗawa, shekarun baya na kwashe wata uku ina yawo da gora mai ruwan shuɗi a jim ina jin kaina, abin da ya ragu kawai kuɗina ne.

Zancen wai jiki ba ya ɗaukar sama da giram 30 kuwa, wannan kuskure ne da ya daɗe yana yawo. Hanji yana tsotse kusan duk furotin ɗin da ka ci, lokaci kawai yake ɗauka. Inda maganar ta samo asali shi ne binciken farko farko da aka yi, inda aka ga giram 20 zuwa 25 na furotin mai saurin narkewa ya kusa kai ginin tsoka ƙololuwa, amma awa huɗu ko biyar kawai aka auna. A 2023 Trommelen da abokan aikinsa a ƙasar Holan suka ba wasu giram 25 wasu kuma giram 100 na furotin ɗin madara bayan motsa jiki, suka bi su har awa 12, sai ga shi masu ɗarin sun fi samun ginin tsoka kuma nasu ya fi daɗewa yana gudana. Don haka tsiren nan naka na dare ba asara ba ne, yana nan yana narkewa a hankali yana yi maka aiki kana barci.

To in haka ne me ya sa zan ce ka raba? Saboda akwai ɗaya ɓangaren. A 2013 Areta da abokan aikinsa suka ɗauki samari masu ɗaga ƙarfe, kowa aka ba shi giram 80 cikin awa 12 bayan atisaye, amma rabon ya bambanta: wasu giram 10 sau takwas, wasu 20 sau huɗu duk bayan awa uku, wasu 40 sau biyu. Masu 20 sau huɗu su ne suka fi. Ka lura da masu ɗan tsakure sau takwas ɗin nan, ba su ci riba ba, don kowane zama bai kai ya taɓa makunnin sosai ba. Shekara ɗaya bayan nan wata mai bincike Mamerow da abokan aikinta suka gwada abincin gaske, wajen giram 30 safe rana da dare, da kuma irin naka wanda ake tara yawanci a dare, ginin tsoka na yinin ya fi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a wajen masu rabawa daidai. Dalili kuwa shi ne bayan ka ci, aikin ginin yana tashi na ƴan awanni sannan ya sauka, sai an ba shi tazara an sake kawo wani abincin ya sake tashi. Kai sau ɗaya kake tada shi da kyau a yini, alhali kana da damar uku ko huɗu.

Amma fa bari in faɗa maka iyakar abin don kar in sayar maka da mafarki. Waɗannan binciken awanni ko kwanaki suka auna, ba faɗin dantse bayan shekara ba. In aka zo ga gwajin watanni, in dai jimillar yini ɗaya ce, bambancin da rabo ke kawowa ƙarami ne. Jimilla ita ce uwa, rabo ɗa ne. Ga sabon shiga wanda ko me ya ci tsoka fitowa take ba zan ma ɓata bakina a kan wannan ba. Kai kuwa da ka shekara shida, abin da za ka ƙara a shekara guda bai fi kilo ɗaya ko biyu na tsoka ba in komai ya tafi daidai, a irin wannan matakin ƙananan abubuwa ne suka rage a gyara, wannan kuma gyara ne da kusan kyauta ne.

Ga yadda zan yi in ni ne kai. Ƙwan nan huɗu na dare, ɗauke uku ka kawo su safe. Kafin ka shiga kasuwa ka tsaya gun mai shayi ya soya maka uku, ka sha kokonka da ƙosanka yadda ka saba, 12 da 18 ya zama 30. In ka zuba madarar gari cokali biyu manya a kokon ka ƙara wajen 4 ko 5, ka wuce layi. Ba ka kashe ko sisi a kan ƙwan ba tunda dama kana sayensu.

Rana ita ce mai ɗan wuya saboda a kasuwa abin da aka kawo shi ake ci. Giram goma zuwa sha biyar kake nema a kan 22 ɗin nan. Gutsuren kifi mai kyau guda ɗaya ya isa, ko ka ce a ƙara maka nama biyu, ko dafaffen ƙwai biyu daga yaran da ke yawo da shi a layi, ko awara. Awara fa kar ka raina ta, waken suya na cikin tsiran da furotin ɗinsu ya cika, lusin ɗinsa ma ba ya nesa da na nama, matsalarta kawai man da take sha a kasko da kuma yankan da yake ƙara ƙanƙancewa kullum, don haka sai ka ci da ɗan yawa, kamar giram 100 zuwa 150, ba guda uku ba.

Sai na uku, wajen la'asar. Tsakanin abincin rana da fitowarka daga jim akwai awa bakwai ko fiye, nan ne cokalin hodar nan zai fi maka amfani. Ka zuba shi a ƴar roba ka taho da shi shago, bayan sallar la'asar ka kaɗa da ruwa ka sha, giram 24 amma da yake irin mai lusin da yawa ce ya kai biyu da rabi shi kaɗai. Na san za ka ce ai an ce a sha da zarar an ajiye ƙarfe. Ba dole ba ne, tsokar da aka yi wa aiki tana nan a shirye ta karɓa har kwana guda ko fiye, kuma ai kana fitowa abinci za ka ci. Ranar da hoda ta ƙare kuma ba kuɗin wata, kindirmo rabin lita zai ba ka wajen 16 ko 17, ka haɗa da dafaffen ƙwai biyu. Na ce kindirmo mai kauri, ba nonon da aka tsinka da ruwa aka kaɗa da kuka har ya yi kamar gaske ba, wannan ka sha don daɗi amma kar ka sa shi a lissafi.

Dare kuma tsirenka yana nan, da ƙwai ɗayan da ya rage, da indomi ko tuwon gida, wajen giram 50 da ɗoriya. Haɗa duka: 34 da safe, 35 da rana, 24 da la'asar, 54 da dare, ka tashi da kusan 147, wato 1.8 a kowane kilo. Abin da ka ƙara saya kawai ɗan kifin rana da madarar koko. Tazarar kuma awa uku zuwa biyar ce tsakanin kowanne, kar ka sa agogo a gaba, lokutan sallah ma sun ishe ka alama.

Wani abu da zai ba ka mamaki, dawa da masara da gero furotin ɗinsu cike yake da lusin, a kason ma sun fi nama. Da lusin ne kaɗai magana da masu cin tuwon dawa sun fi kowa ƙirji a garin nan. Abin da ya hana shi ne furotin ɗin nasu kaɗan ne a cikin tulin sitaci, na dawa ba ya narkewa sosai, sannan suna da ƙarancin wani amino ɗin daban da ake kira laisin, kar ka rikita su, sunan ne kawai ya yi kama. Wake kuwa yana da laisin ɗin. Shi ya sa ranar da abincinka duk na tsiro ne, kamar ɗanwake ko dafa-dukan wake ko alala, ka haɗa hatsi da wake kuma ka ɗaga adadin ya kai wajen giram 40 maimakon 32. Ƙuli-ƙuli ma yana taimakawa amma lusin ɗin gyaɗa ya ɗan yi ƙasa, ɗan rakiya ne ba jagora ba.

Tsiren ma ka duba shi da idon basira. Wata rana ka saya ka kai gida, ka ware kitse da albasa da tumatir da garin ƙulin da ya zube a takarda, ka ɗora naman zalla a ƙaramin sikelin kicin. Na taɓa yin haka da ƙunshin da na rantse ya kai giram 200, ya tsaya a ɗari da ƴan kai. In naka ma haka ya fito, to jimillarka ba ta ma kai 130 ɗin da muka lissafa ba, kuma nan ne asalin ramin yake.

In azumi ya zo, ko kana yin Litinin da Alhamis, kar ka tada hankalinka. Buɗa-baki, bayan tarawi ko kafin barci, da sahur, zama uku kenan, ka sa kowanne ya kai giram 45 zuwa 50, sahur ɗin ya zama mai nauyi da ƙwai da madara ko kindirmo masu daɗewa suna narkewa. Abin da aka gani a gwajin giram ɗarin nan shi ne yake ba ka kwanciyar hankali a nan.

Sai dai zan yi maka wata tambaya da ba ka yi min ba. Kilo 80 ɗin nan, haka yake tun shekara ɗaya da rabi? In eh, to ko da ka raba furotin da ma'aunin gwal ba za ka ga canji mai yawa ba, don jiki ba ya son gina sabon abu in abincin gaba ɗaya iya na riƙe shi ne kawai, kai kuma ga zirga-zirgar kasuwa da hawa bene da ɗaukar dila a zafin Kano. Ka hau sikeli sau uku a sati da safe bayan ka zaga kafin ka ci komai, ka ɗauki matsakaicin satin. Kana so ka ga ƙarin rabin kilo zuwa kilo ɗaya a wata. In wata ya wuce bai motsa ba, ƙara malmala ɗaya ta tuwo ko ƙwallon fura a yini. In kuma yana gudu fiye da haka kuma wando ya fara matse ƙugu alhali dantse na nan yadda yake, tumbi kake tarawa, rage shinkafar ka bar furotin ɗin.

Ka ba tsarin sati goma zuwa sha biyu kafin ka yanke masa hukunci, kana rubuta nauyin da kake ɗagawa da adadin da kake yi a ɗan littafi ko a waya, ka kuma auna dantse da cinya da ƙugu da tef ɗin tela yau ka ajiye lambar. In bayan wata ukun nauyin jikinka ya hau amma ƙarfen da kake ɗagawa bai ƙaru da ko kilo biyu ba, to ba a faranti matsalar take ba, sai ka turo min tsarin atisayenka na sati da kuma ƙarfe nawa kake kwanciya, don wanda ya bar gun mai shayi sha ɗaya da rabi kuma ya tashi asuba ina da tambayoyi a kansa. Kuma in an taɓa ce maka kana da matsalar ƙoda, ko kana da hawan jini ko ciwon suga da ba ka duba ƙodar ba, ka fara zuwa asibiti a gwada kafin ka ƙara ko ƙwai ɗaya.